Kafin ki goge shafin shagonki, ki sallami mutanen da ke bakin ƙofa

A kasuwar Kantin Kwari, idan ɗan kasuwa zai tashi daga shago, ba ya yi da dare. Sai ya zauna da yaransa an yi lissafi, ya karɓi makullan da ke hannunsu, ya bi waɗanda yake bi bashi, ya biya masu binsa, sannan ya gaya wa maƙwabtan layi inda ya koma, domin duk wanda ya zo nemansa a nuna masa hanya. Wanda ya kulle shago ya ɓace ba sallama, ko da bai ci kuɗin kowa ba, sunan da za a kira shi da shi a layin ba mai daɗi ba ne. Wannan ladabin kowa ya san shi a kasuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ajiye shi a gefe da zarar shagon ya koma cikin waya.

Na san wani tela da ya yi shekaru yana karɓar ɗinki ta shafinsa na Facebook. Da ya samu aikin albashi, sai ya ga ba shi da sauran buƙatar shafin, ya goge shi a dare ɗaya ana saura 'yan makonni azumi. Bai ci kuɗin kowa ba, ya gama ɗinkin da ke hannunsa ya mayar. Amma kafin Sallah wani ya buɗe sabon shafi da sunan shagon, ya kwashi hotunan ɗinkinsa da mutane suka taɓa yaɗawa, ya rubuta cewa tsohon shafin ne aka yi masa kutse, ya sa lambar asusun banki. Mata suka tura kuɗin kafin alƙalami. Da Sallah ta zo ba kaya, gidan telan aka yi wa tsinke, domin shi aka sani. Ya rantse, ya kawo shaidu, amma ba shi da wurin da zai tsaya ya yi wa dubban mutane bayani, tunda wurin da suka saba jin muryarsa shi da kansa ya rushe shi.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Goge shafin kasuwanci halal ne, wani lokaci ma shi ne daidai, amma shi ne aiki na ƙarshe a jerin ayyuka, kuma mafi sauƙinsu. Danna maɓallin ba ya cin minti biyu. Abin da ke gabansa, wato tattara makullai a hannu ɗaya da sallamar jama'a, shi ke cin makonni, kuma shi ne mutane ke tsallakewa.

Bari in ba da labarin yayata, domin da ni aka yi nata daga farko har ƙarshe. Ta yi wajen shekara shida tana sayar da atamfa da leshi daga gida, tana saro kaya a Kwari, tana ɗora hotuna a shafi, ana yin oda daga Kaduna, Jos, har Maraɗi, tana kai wa direbobi a tasha. Mabiyan shafin sun haura dubu goma. Da ciwon baya ya matsa mata, ga kuma hidimar jikoki, sai ta yanke shawarar dainawa. Wata ranar Asabar ta miƙo mini wayarta.

"Ƙanina, goge mini abin nan in huta. Kullum sai an tashe ni da tambayar kuɗin leshi."

Na ce, "Yaya, bari mu fara ganin ko ke ce ma mai ikon gogewar."

Ta ɗauka wasa nake. Shafinta ne, kayanta ne, hotunan tsakar gidanta ne a ciki. Amma Facebook bai san mai kaya ba, wanda ya sani shi ne asusun da ke riƙe da iko. Muka koma cikin shafin, muka buɗe Settings, muka shiga Page setup, sannan Page access. A nan ake ganin sunan duk wanda ke da hannu a shafi da irin ikon da aka ba shi. Facebook yakan sauya wa waɗannan abubuwa mazauni lokaci zuwa lokaci, amma rubuta Page access a gurbin bincike na Settings yana kai mutum wurin.

Mutum huɗu muka tarar. Akwai ɗan maƙwabcinta da ya buɗe mata shafin tun yana sakandare, wanda a lokacin da muka duba yana jami'a a Zariya. Akwai yarinyar da ta taɓa taya ta amsa saƙonni, ta yi aure shekara biyu da suka wuce. Akwai wani matashi da ta taɓa biya ya yi mata talla sau biyu. Sai ita kanta. A cikin huɗun, mutum ɗaya ne ke da abin da Facebook ke kira full control, wato cikakken iko, kuma ba ita ba ce. Ɗan maƙwabcin ne. Ita tana iya ɗora hoto, ta amsa saƙo, ta goge sharhi, shi ya sa ba ta taɓa lura da cewa 'yar haya ce a shagonta ba.

A da, Facebook yana raba muƙamai da sunaye irin su Admin da Editor da Moderator, shi ya sa har yau kowa "admin" yake cewa. A tsarin yanzu abin da ya kamata mai shago ya riƙe guda ɗaya ne: mai cikakken iko kaɗai ke iya ƙara mutum, ya cire mutum, ya kuma goge shafin. Yana iya cire kowa, har da wanda ya ba shi ikon. Sauran duk masu taimako ne, ko da su ke yin aikin dare da rana. Saboda haka duk wanda ya bai wa yaro cikakken iko don kawai ya riƙa ɗora hotuna, ya sani cewa takardar mallakar shagon ya miƙa masa, alhali makullin ƙofa kaɗai ya yi niyyar bayarwa.

Yayata ta yi sa'a, yaron ɗan mutunci ne. Ta kira shi ta gaya masa, ya ce, "Hajiya, ai ni na ma manta ina ciki. Yanzu zan mayar miki." Ya shiga Page access, ya danna Add New, ya nemo sunanta, ya kunna wurin ba da cikakken iko, Facebook ya nemi ya sa kalmar sirrinsa, ya sa. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin abin da ya aika gayyata ce kawai, kuma ba ta zama komai ba sai wadda aka gayyata ta karɓa. Gayyatar tana da wa'adi, idan aka bar ta ta lalace sai an sake aikawa. Kuskuren da ya fi muni shi ne mai miƙawa ya yi gaggawar janye hannunsa kafin ya tabbatar an karɓa. Mun sa ya tsaya a waya har Yaya ta karɓi gayyatar, muka sake buɗe Page access muka ga sunanta da cikakken iko a ƙarƙashinsa, sannan ita da hannunta ta cire shi, ta cire amaryar, ta cire mai tallar. Wannan shi ne tsarin: sabon mai iko ya shiga, a gani da ido cewa ya shiga, sannan tsoho ya fita.

Wani zai ce, shafin da za a goge, mene ne na wahalar cire mutane? Dalili biyu ne. Na farko, a makonnin da za a yi ana sanarwa, duk wanda ke da ikon saƙonni a shafin yana iya karanta saƙonnin kwastomomi ya kuma amsa da sunan shago. Idan wayarsa ta ɓata ko aka yi wa asusunsa kutse, ɓarawon ya samu ƙofa a daidai lokacin da mutane ke tambayar inda za su tura cikon kuɗi. Na biyu, gogewa ba ta tabbata nan take, akwai kwanakin jira, kuma a cikinsu mai cikakken iko yana iya dawo da shafin. Idan ku biyu ne kuka rabu da rigima, kai ka goge, shi ya dawo da shi, ya cire ka, ya ci gaba da ciniki da sunan da kuka gina tare. Na ga abokan kasuwanci da suka raba jari har kwabo, suka raba kantoci da keken ɗinki, amma ba wanda ya tuna ya sa shafi a cikin rabon, sai daga baya ya zama shi ne abin faɗan.

Akwai wani tarko da ke ɓoye a ƙasan wannan. Masu yin talla da yawa suna aiki da Meta Business Suite, kuma wani yakan jawo shafin kwastoma ya sa shi cikin rumbun kasuwancinsa, abin da allon ke kira business portfolio, a matsayin mallakarsa. Idan haka ta faru, a Page access za a ga sunan wani kamfani a matsayin mai shafin, kuma cire sunan mutumin kaɗai bai fitar da shafin daga rumbun ba. Sai mai rumbun ya shiga nasa saitin ya sake shi. Namu mai tallar bai yi haka ba, izinin aiki kawai ya karɓa. Duk da haka mun kira shi ya tabbatar ba wata talla da ke gudana kuma ba a bin asusun tallar bashi, domin asusun talla dabam yake da shafi, goge shafi ba ya goge bashin.

Da makullai suka dawo hannu ɗaya, sai muka shiga akwatin saƙonni, kuma a nan ne Yaya ta yi shiru. A zatonta ta gama da kowa. Da muka bi saƙonnin wata uku a hankali, sai ga mata bakwai da suka ba da kafin alƙalami suna jiran kaya, ga uku da ita ke bin su cikon kuɗi, ga wata a Jos da aka aika wa turmi biyu maimakon uku, ta yi magana sau ɗaya ta haƙura. Duk hujjar waɗannan, hoton rasit, adireshin tasha, launin da aka zaɓa, tana cikin saƙonnin shafin ne, kuma ranar da shafi ya tafi mai shago ba zai sake buɗe akwatin ba. Muka ɗauki hoton allo na kowace magana da ta shafi kuɗi, ta kuma rubuta su a littafinta na bashi, suna da adadi da kwanan wata. Sannan muka nemi kwafin kayan shafin daga Facebook, ta wurin sauke bayanai da ke cikin Settings. Ba ya zuwa nan take, sai an haɗa shi a turo sanarwa, kuma yana da 'yan kwanaki kafin ya ɓace, saboda haka a sauke shi da wuri, a wurin da data ke da ƙarfi. Hotunan shekara shida ne a ciki. Ko ba za ta sake sayar da atamfa ba, 'yarta na iya so.

Hotunan allon nan ma amana ne. Akwai lambobin wayar matan mutane da adireshin gidajensu a ciki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma tun kafin doka mun san cewa lambar matar aure da ta ba ka don a kai mata kaya ba ta zama taka ba da za ka miƙa wa wani mai shago don ya riƙa yi mata talla. Da aka sallami kowa, Yaya ta goge su daga wayarta.

Yanzu sanarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "za mu rufe wannan shafi, mun gode" sau ɗaya, a ɗauka an sanar. Facebook ba ya nuna kowane rubutu ga kowane mabiyi. Kaso kaɗan ne ke gani, musamman rubutu tsura ba hoto, kuma kwastomar da ta fi shiga haɗari ita ce wadda ba ta buɗe data sai za ta yi sayayyar biki. Saboda haka muka ba da wata guda. Muka rubuta sanarwar, muka maƙale ta a saman shafi yadda duk wanda ya shigo ita zai fara gani, muka sauya babban hoton saman shafin da rubutu mai ɗauke da ranar rufewa, muka riƙa maimaitawa duk mako. Muka kuma saita amsa ta kai tsaye a akwatin saƙo, wadda ake kira Instant reply, yadda duk wadda ta turo tambayar kuɗin leshi za ta samu labarin a take. Abin da ya fi duka aiki shi ne ɗan bidiyo na minti ɗaya, kyamara na kallon kayan, Yaya tana magana da muryarta. Yawancin kwastomominta da saƙon murya suke ciniki, sun san muryar, kuma ita suka yarda da ita fiye da kowane rubutu.

Abin da aka faɗa a sanarwar ya fi yawan maimaita ta muhimmanci. Godiya da neman yafiya suna da kyau, kuma ta yi su, amma ba su ke kare mutane ba. Abin da ke kare su shi ne magana huɗu da ta faɗa ɓaro-ɓaro: ranar da za ta daina karɓar oda, ranar da shafin zai tafi, cewa duk mai binta kuɗi ko kaya ya yi magana kafin wannan rana, da kuma cewa ba ta da wani sabon shafi, ba ta wakilta kowa ba, duk wanda ya nemi kuɗi da sunan shagon bayan ranar ɗan damfara ne. Wannan ta ƙarshen ita ce telan nan bai samu damar faɗa ba. Sunan shafi a Facebook ba na mutum ɗaya ba ne, kowa na iya buɗe wani da suna iri ɗaya. Idan kuwa mai shago komawa zai yi wani wuri, WhatsApp ko Instagram ko sabon shafi, to ya faɗi wurin daga tsohon shafin tun yana raye, domin shi kaɗai ne shaidar da mutane za su gaskata.

Ana cikin makon sanarwa na biyu wani ya turo saƙo yana tayin sayen shafin, ya ambaci kuɗin da ba za a raina ba. Yaya ta tambaye ni, na ce kada ta yi, kuma har gobe haka zan ce wa kowa. Mai sayen shafi ba atamfa yake so ba, mutum dubu goman yake so. Zai sauya suna, ko ya bar sunan ma don ya ci da shi, ya shiga tallan abin da ita ba za ta taɓa sa hannu a kai ba, maganin bogi ko cacar waya ko ninka kuɗi. Matan nan ita suka bi, saboda kayanta ba ya zuba kuma ba ta ƙarya a kan yadi. Ba su ba ta izinin sayar da su ba. Miƙa shafi yana da hali ɗaya da na yarda da shi: idan kasuwancin ne da kansa ya koma hannun wani, 'ya ko abokin tarayya ko wanda ya sayi shagon da kayansa, kuma aka gaya wa mabiya a fili cewa daga yau wance ce ke riƙe da shi, wanda ya so ya zauna, wanda bai so ba ya tafi. A wannan halin ma ba a goge komai, tsohon mai shi ne ke fita bayan sabon ya shiga.

Akwai masu cewa, to me ya sa za a goge gaba ɗaya? A bar shi da sanarwar a sama ya zama allon gargaɗi. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Shagon da sunansa ya yi nisa ya kamata ya bar shafin tsaye wata biyu ko uku bayan daina ciniki, har lokacin biki ko Sallah ɗaya ya wuce, domin masu zuwa jefi-jefi su gani. Amma barinsa har abada ba mai dubawa kango ne, kuma kango ba ya rasa mai shiga. 'Yan damfara suna bin ƙarƙashin tsofaffin hotuna suna amsa wa masu tambaya da lambobinsu. Saƙonnin ƙarya masu cewa daga Facebook suke, wai za a rufe shafi idan ba a danna wani wuri ba, sun fi kama wanda ya daɗe bai leƙa ba. Idan ba za ki iya duba shi ko sau ɗaya a mako ba, gara babu shi. Wadda kuma ba ta tabbatar ta daina ba, hutu kawai take so saboda haihuwa ko tafiya, tana da hanya ta tsakiya: Deactivate Page yana ɓoye shafin daga idon jama'a ba tare da an rasa komai ba, ranar da ta shirya ta dawo da shi da mabiyansa.

Kafin ranar, mun duba abubuwan da ke rataye da shafin. Yaya tana da wani zauren Facebook na kwastomomi wanda shafin ne ke shugabantarsa, sai muka sa asusunta na kanta ya zama mai kula da shi tukuna, don kada a wayi gari zauren ba shugaba. Muka raba shafin da Instagram da lambar WhatsApp, domin goge shafi ba ya goge su, kowanne da nasa aikin. Sauran ledojin da aka buga wa sunan shafin ta daina ba da su.

Ranar da ta ɗiba ta zo. Matan nan bakwai sun karɓi kayansu ko kuɗinsu, ta Jos ta samu turminta na uku har da kyautar ɗankwali, biyu daga cikin masu bashi sun biya, ta ukun Yaya ta yafe mata. Ta buɗe Settings, ta shiga Access and control, ta zaɓi Delete Page, ta sa kalmar sirrinta. Daga nan shafin ya ɓace wa jama'a, Facebook kuma ya ba da kwana 30 da za a iya fasawa. A da kwana 14 ne, shi ya sa za a ji wasu na faɗin haka. Bayan wa'adin ba hoto, ba sharhi, ba mabiya, kuma ba ofishin da za a je a roƙa a dawo da su. Asusunta na kanta bai taɓu ba, tana nan tana ganin hotunan jikokinta.

Wata biyu bayan haka, kamar yadda muka yi tsammani, wani ya buɗe shafi da sunan shagon. Tsofaffin kwastomominta ne suka fara ganinsa, suka cika ƙarƙashinsa da cewa Hajiya ta faɗa da bakinta ba ta da sabon shafi, suka kai ƙararsa ta wurin Report, wata kuma ta kira ta ta gaya mata. Ba mu ji wadda ta tura ko naira ɗaya ba.

Kai mai shago, ke mai sayar da kaya daga gida, ko ba ku da niyyar rufewa bana, ku buɗe Page access yau ɗin nan ku ga sunan wa ke riƙe da cikakken iko. Idan ba naku ba ne, ku kira mai shi tun kuna shiri da juna.